Yadda na bar dila yana ƙirga min kaya yana cika min kanta a Agege

Shagona na kayan masarufi ne a Agege, ba wani babba ba ne amma dai ya wuce tireda, akwai kanta a gaba da ɗan sito a baya. Yawancin kastomomina 'yan gida ne, masu shayi, matan da ke sayar da abinci, sai magidanta masu sayen na wata. Da can idan kaya suka yi ƙasa ni nake tashi da kaina bayan asuba in tafi sari, wani lokaci har Oke Arin can cikin Ikko, in dawo a galabaice go-sulo ya cinye rabin yini, kuma duk da haka sai ka ga abin da aka fi nema shi ne na manta ko kuɗi bai kai ba.

Wani dila ne da nake sayen taliya da makaroni da madarar gari da tumatirin leda a wajensa ya kawo min maganar wannan tsari. Yaronsu mai zagaya shaguna ya ce Alhaji, ka daina yin oda, mu za mu dinga zuwa muna duba abin da ya rage mu cika maka. A manhajar da ke wayarsa VMI aka rubuta, sunan tsarin kenan a taƙaice da Turanci. Manajansu ya ce min tsarin ya daɗe, tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Procter & Gamble ke yi wa kantunan Walmart haka a Amurka, da kunzugun jarirai ma suka fara. Su can na'ura ce ke aika lissafin duk abin da aka sayar, mu nan mutum ne da biro da waya, amma tushen ɗaya ne: mai kawo kaya shi ke yanke abin da za a kawo da ranar da za a kawo, kai mai shago ka saki wannan igiyar.

Ban amsa nan take ba. Na ce sai na je wajen manajan mun zauna, don tambayar da ta fi damuna ita ce, kayan da ke kan kantata na waye? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna ɗauka tunda dila ne ke cikawa to kayansa ne, sai an sayar za a biya. Ba dole ba ne haka. Iri biyu ne. Akwai wanda da zarar an sauke ka sa hannu a webil kayan sun zama naka, bashi ya hau kanka, sai dai a ba ka wa'adin biya. Akwai kuma wanda kayan na nan a matsayin ajiyar dila, abin da ka sayar kawai kake biya. Manajan ya ce na biyun manyan kantuna suke yi wa, ni na farkon za su ba ni da wa'adin sati biyu. Na ce to Oga, idan kayan nawa ne kuma kai ne ke yanke yawansu, ai jarina ne a hannunka, dole a sa iyaka a rubuce. Ya yi dariya ya ce haka ne. Da buroka muke magana amma mun fahimci juna sarai.

Abin da muka rubuta bai fi shafi ɗaya ba. Sunayen kayan da tsarin ya shafa, don ba komai ba ne, shinkafa da man gyaɗa da sabulu na bar su a hannuna. Ranakun da yaronsu zai zo, Litinin da Alhamis. Mota ta kawo kaya washegari. Kowane kaya da iyakarsa ta sama wadda ba za su wuce ba, da ta ƙasa wadda ba za su bari a faɗa ƙarƙashinta ba. Sai batun kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa, da wanda ya zo a fashe. Na sa ƙanena wanda ya fi ni boko ya karanta min sau biyu kafin in sa hannu.

Kafin a fara komai sai da aka yi ƙirga ta farko, kuma wallahi wannan ranar mun sha aiki. Mun rufe shago bayan isha'i, muka fito da duk abin da ke sito, ni da ƙanena da yaron dila, kowa da takardarsa. A bayan buhunan sukari muka tono katon biyu na tumatirin leda da babu wanda ya san suna nan, kwalin ya sha damshi ya yi laushi har ƙasan ya manne da siminti. Daga nan muka sayi katako aka yi dandamali, babu katon da ke taɓa ƙasa yanzu, don damshin Legas ba ya wasa da kwali.

To yanzu ga yadda aka fitar da iyakar, zan yi misali da taliya tunda ita ce ta fi tafiya a wajena. Katon ɗaya leda 20 ne. Muka buɗe littafin ciniki na watannin baya muka ga a tsaka-tsaki ina fitar da katon 3 a rana, har da masu ɗaukar katon guda da masu sayen leda ɗaya-ɗaya. Tazarar da ta fi tsawo tsakanin zuwan yaron ita ce daga Alhamis zuwa Litinin, kwana 4 kenan, sannan abin da ya rubuta ranar Litinin sai Talata zai iso, ƙarin kwana 1. Kenan kayan da aka cika min bisa ƙirgar Alhamis dole su kai ni kwana 5, wato katon 15. Sai muka ɗora na ko-ta-kwana, na kwana 2, katon 6, saboda a garin nan mota na iya cewa tana hanya tun safe ta iso bayan magariba, ko ruwan sama ya tare ta sai washegari. Iyakar sama ta zama katon 21, ta ƙasa katon 6.

A aikace ga yadda yake tafiya idan komai lafiya. Yaro ya zo Litinin ya ƙirga ya samu 9, sai ya rubuta 12 don ya kai 21. Kafin mota ta zo Talata an sayar da 3, saura 6 daidai, a sauke 12. Ranar Alhamis zai samu 12, ya rubuta 9. Shikenan, ba ruwana da kiran kowa. Ranar Alhamis ɗin ma sai bayan ƙarfe goma yake zuwa saboda sharar da ake yi a kasuwannin Legas da safiyar ranar. Idan kuwa muka ga taliya ta sauka 6 alhali ba ranar mota ba ce, ƙanena zai ɗauki hoton kanta ya tura masa a WhatsApp, su kawo na gaggawa.

Wannan na ko-ta-kwana ɗin mun ja da manajan a kansa. Shi yana son kwana 4, wai kada kanta ta taɓa zama fanko. Na gane dalilinsa, kanta fanko asararsa ce shi ma, kastoma zai ɗauki taliyar wani kamfani. Amma duk katon da ke zaune a sito kuɗina ne ke kwance, tunda bayan sati biyu zan biya ko na sayar ko ban sayar ba. A taliya babu matsala, katon 21 sati ɗaya ke ƙarar da su, kafin wa'adin biya ya zo na riga na juya kuɗin. Amma ɗauki babban gwangwanin madarar gari, wanda katon ɗaya kan yi min kusan wata, idan aka cika min katon 3 ai na biya kuɗin kayan da sai bayan wata biyu zan gani. Shi ya sa wanda duk zai shiga wannan tsari kada ya yarda a yi masa iyaka ta bai-ɗaya, kaya-kaya ake bi, mai gudu daban mai jan ƙafa daban. Babbar madarar katon 1 muka tsayar, sai ya rage gwangwani kaɗan a kawo wani.

Watannin farko gaskiya na ji daɗi, na samu lokacin zama a shago ina ganin kastoma da idona, zirga-zirgar sari ta ragu sosai.

Matsala ta farko da ta taso ta lissafi ce, kuma ita ce ta fi koya min yadda abin yake. Yaron dila ya fara gajiya da shiga sito, sai ya koma yana ƙirga na kanta kawai, na ciki kuma ya ɗauka daga abin da manhajarsa ta nuna. Manhajar kuwa abin da aka kawo take sani da abin da aka gaya mata an sayar. Wata Litinin ta nuna masa akwai katon 5 na makaroni a sito, sai bai rubuta ko ɗaya ba. Alhali babu ko ƙwalli, wata mai abinci ta aiko an ɗaukar mata su ranar Asabar da daddare, an rubuta a littafin bashi amma bai shiga lissafin da yaron ke gani ba. Har Juma'a muna cewa mutane babu makaroni, kuma a wajen dila shagona cike yake. Alamar da za ka gane irin wannan ita ce, kayan da kullum ke tafiya ka ga an yi zuwa biyu ba a kawo shi ba. Kada ka ce ai sun san aikinsu, tashi ka leƙa sito. Tun daga lokacin muka sa doka, ƙirga da ido ake yi da hannu a kan kwali, ƙanena na tsaye, su biyun su sa hannu a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta. Littafin bashi ma muka haɗa shi da na ciniki, duk abin da ya fita ƙofa ya fita, ko an biya ko ba a biya ba.

Ta biyu kishiyar wannan ce. Wani maƙwabcinmu zai aurar da 'yarsa, ya zo ya ɗauki katon 10 na taliya rana ɗaya, har sai da aka kawo na gaggawa. Satin da ya biyo baya sai ga yaro da sabon lissafi, wai cinikina ya tashi daga katon 21 a sati zuwa 31, don haka ya kamata iyakar sama ta haura 30. Na ce masa ɗan'uwa, biki ne fa, kullum ake aurar da 'ya? Ba laifinsa ba ne sosai, manhaja ba ta san biki ba, lamba kawai take gani. Da ba don iyakar tana rubuce kuma sai da yardata ake canza ta ba, da na tashi na ga an jibge min kaya. Yanzu duk cinikin da ya zo na lokaci ɗaya, biki ko suna ko wani mai rabon sadaka, muna sa masa alama a gefe, a cire shi kafin a fitar da tsaka-tsaki.

Azumi kuwa nasa daban ne. Su a ofis suna kwatanta wata da irinsa na bara, Maris da Maris, Afrilu da Afrilu. Amma azumi ba ya zama wuri ɗaya, duk shekara yana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu, a 2023 ranar 23 ga Maris aka ɗauka, a 2024 ranar 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Wanda ke bin kalandar bature kullum zai makara. Kuma a unguwa irin tamu tun saura sati a ga wata ake fara kwasar sukari da madara da ganyen shayi, masu hali na sayen na rabo katon-katon. Bayan Sallah kuma sai kasuwa ta kwanta, 'yan ci-rani da yawa sun tafi gida Arewa, wasu masu shayin ma sun naɗe teburinsu. Idan aka bar manhaja ita kaɗai, za ta ƙi cikawa lokacin da ake rububi, sannan ta ga cinikin azumi ta cika maka sito daidai lokacin da gari ya watse. Don haka da Sha'aban ya shiga nake kiran manajan mu zauna mu yi iyakar wucin gadi, mu rubuta ranar da za ta fara da ranar da za a koma ta da. Wannan ilimin yana wajenka kai mai shago, dila ba shi da shi sai ka ba shi.

Abin da ya fi ɓata min rai a duk tafiyar shi ne na ƙarshen wata. Yaran nan ana ɗora musu adadin da za su sayar, kamashonsu a kai yake. Wata ranar 29 ga wata mota ta tsaya, na duba webil na ga taliya 12 daidai, amma a ƙasa an ƙara katon 4 na wani sabon biskit da ba ya cikin jerinmu kwata-kwata. Direba ya riga ya sauke biyu. Yaron ya ce Alhaji taimaka min, sabon kaya ne zai tafi, kuma akwai garaɓasa. Na tausaya masa don na san matsin da yake ciki, amma na ce a mayar mota. Idan na karɓa yau, wata mai zuwa takwas za a kawo, kuma idan ya yi kwantai ni zan biya. Na rubuta a jikin webil ɗin cewa an mayar da katon 4, direba ya sa hannu, don idan ba ka rubuta ba za ka gan shi a bashinka ranar biya. Daga baya mun daidaita da manajan, sabon kaya in suna son gwaji su ajiye katon ɗaya a matsayin nasu, abin da aka sayar in biya, saura su kwashe bayan wata. A ganina wannan shi ne adalci, mai son a gwada kayansa shi ya ɗauki kasadar.

Batun wa'adin kaya ma sai an sa ido. Mai cika kanta idan yana sauri gaba yake tura sabo, tsoho ya koma baya ya yi ta zama. Ƙa'ida ita ce wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba. Muna rubuta watan ƙarewa da babbar maka a gefen kowane katon da ya shigo, yadda daga bakin ƙofar sito za ka hango. A takardarmu an ce duk abin da ya rage masa wata uku za su canza min shi, kuma ba na karɓar wanda ya zo da ƙasa da wata shida. Wannan ba wasa ba ne, idan jami'an NAFDAC suka samu kayan da ya lalace a kantarka kai za su riƙe, ba za su tambayi wa ya jera ba. Balle ma hakkin wanda zai ci.

Sai farashi. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar naira, kaya suka dinga tashi kusan duk sati. A nan na ga fuska biyu ta tsarin. Tunda ba na tara kaya da yawa, ban samu irin ribar da masu cika sito suka samu ba lokacin da farashi ya haura. Kuma tunda ba ni ke yin oda ba, sai a kawo kaya in ga sabon farashi a rasit bayan na riga na sayar da wasu a tsohon. Muka ƙara sharaɗi, duk canjin farashi sai an turo min saƙo kafin mota ta taso, kuma farashin ranar saukewa shi ne na biya, ba na ranar da wa'adi ya cika ba. Akwai kuma lokacin da kaya suka yi wuya a wajen dilan kansa, ya rubuta 12 aka kawo 5, na tabbata manyan kantuna aka fara ba. Ba na jin haushi, kowa haka zai yi, amma shi ya sa ban yanke hulɗa da mutanena na kasuwa ba, kuma a takarda na tabbatar an rubuta cewa duk ranar da suka kasa cikawa ina da damar saye a wani wuri.

Wani ɗan'uwa mai shago a Idi Araba ya tambaye ni ko ya shiga. Na tambaye shi yana rubuta ciniki kullum? Ya ce a ka yake riƙewa. Na ce to fara da littafi tukuna na wata biyu ko uku, don ba tare da shi ba babu inda za a samo katon 3 a rana ɗin nan, dila ne zai faɗi lambar da ta yi masa daɗi. Kuma na ce masa tsarin ya fi dacewa da kayan da ke tafiya kullum daidai-wa-daida kuma ba sa saurin lalacewa. Burodi da ruwan leda dama tun da haka ake yi, mai kawowa ya duba abin da ya rage ya ƙara, sai dai babu takarda. Kayan yayi ko wanda farashinsa ke rawa sosai gara ka riƙe da kanka.

Yanzu duk ƙarshen wata uku muna zama da manajan mu duba abu uku: sau nawa kanta ta yi fanko, sau nawa aka wuce iyakar sama, da kayan da suka fi wata ɗaya ba su motsa ba. A zaman da muka yi na baya mun ɗaga taliya zuwa katon 24 saboda wata sabuwar mai abinci da ta buɗe a layinmu tana ɗaukar katon duk bayan kwana biyu, tumatirin gwangwani kuma muka cire shi daga jerin gaba ɗaya tunda kowa na leda yake nema.